Tsira ko kumbura: Inda ɗafin "-wa" ya raba kan masana ginin kalma

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya ji cewa kalma tana sauya kama ta hanya biyu, wato tsira da kumbura. A tsira, ana samar da sabuwar kalma daga wata, kamar yadda "magini" ya fito daga "gina". A kumbura kuwa, kalmar tana nan yadda take, sai dai ta sake sura domin ta dace da matsayinta a jimla, kamar "sabo" da "sabuwa" da "sababbi". A kan allo abin yana da sauƙi. Sai dai masana ilimin ginin kalma sun daɗe suna jayayya kan ko akwai tabbatacciyar iyaka tsakanin hanyoyin biyu, kuma Hausa tana da misalan da ke nuna inda gizo ke saƙar.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne wanda Stephen Anderson ya tsayar a 1982: kumbura ita ce sauyin da ginin jimla ya damu da shi. Mai magana da ya ce "riga" ba shi da zaɓi, dole ya ce "sabuwar riga", domin "sabon riga" kuskure ne. Amma babu wata ƙa'idar jimla da ta tilasta masa cewa "magini". Yana iya cewa "mai gini" ko "birkila", jimlar ta zauna daram. A kan wannan ake ɗora sauran alamomin. Ana cewa tsira tana iya sauya ajin kalma, ta mayar da aikatau suna, kumbura kuma ba ta yi. Ana kuma cewa kumbura tana hawa kan kowace kalma ta ajinta ba tare da ma'ana ta goce ba, alhali tsira tana tsallake wasu kalmomin, kuma ma'anar abin da ta haifa takan yi gaban kanta.

To, a gwada waɗannan ma'aunai a kan ɗafa-ƙeyar "-wa". Bahaushe yana cewa "Audu yana kama kifi", yana cewa "Audu yana kama shi". Da zarar an cire karɓau daga bayan aikatau, sai jimlar ta koma "Audu yana kamawa". Haka nan idan aka ja karɓau ɗin zuwa gaba: "kifin da Audu yake kamawa". Babu mai cewa "yana kamawa kifi" da nufin yana kama kifin, kuma "kifin da yake kama" ba ta cika ba a daidaitacciyar Hausa. Ke nan ginin jimla ne kaɗai ke yanke hukuncin zuwan "-wa" ko rashinsa. Bugu da ƙari, a cikin giredin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, ɗafin yana hawa kan na ɗaya da na huɗu da na biyar da na shida da na bakwai ba tare da wata gargada ba: kamawa, rufewa, sayarwa, kawowa, gyaruwa. Ko aikatau ɗin sabon aro ne, mai magana ya san yadda zai yi da shi. Bisa ma'aunin Anderson, wannan kumbura ce tsantsa.

Matsalar ita ce abin da ya fito suna ne, har da jinsinsa na mace. Ana cewa "fitowar rana" da "rufewar kasuwa" da "dawowarsa ta faranta mana rai", inda kalmar ta ɗauki mahaɗin "-r" kamar yadda "riga" ke ɗauka a "rigar Audu", ta kuma zauna a gurbin aikau. Aikatau ya koma suna, wanda aka ce aikin tsira ne. Ma'aunai biyu sun ba da amsa biyu a kan ɗafi guda. Irin wannan ne ya sa Martin Haspelmath ya kawo hujja a 1996 cewa akwai kumburar da ke sauya ajin kalma, wato ya zaɓi ya jefar da ɗaya daga cikin ma'aunan. Wannan mafita ce mai ma'ana, amma ta rage wa ɗalibi alamar da ya fi saurin ganewa.

Abin ya ƙara fitowa fili idan aka kwatanta da ɗaya nau'in sunan aikin, irin su "gini" da "rubutu" da "ɗinki". Waɗannan ba a iya hasashen surarsu: "rubuta" ta ba da "rubutu", amma "ɗinka" ta ba da "ɗinki", sai dai a haddace. Ma'anarsu ma takan tafi nesa, domin "gini" na iya zama ɗakin da aka gina, "karatu" kuma ilimi baki ɗaya. Sun yi kama da tsira ta kowace fuska. Duk da haka suna shiga gurbin da "-wa" ke shiga, a ce "yana ginawa" ko "yana gini". Su ma masu "-wa" ɗin ba su tsira daga gocewar ma'ana ba: "sanarwa" da "rayuwa" da "rasuwa" da "gabatarwa" sun zama kalmomi masu cin gashin kansu, waɗanda mai haɗa ƙamus ba zai iya ɓoye su a ƙarƙashin aikatau ba, ko da yake ba zai ɓata takarda wajen ba "kamawa" gurbi nata ba.

Jam'i ma, wanda kowane littafi ke sa shi a sahun kumbura, yana da nasa taurin kan. A 1963 Joseph Greenberg ya lura cewa a harsunan duniya tsira ce ke kusa da saiwa, kumbura ta zo daga waje. Amma "mazantaka" an gina ta a kan "maza", "'yan'uwantaka" kuma a kan "'yan'uwa", dukansu jam'i, wato kumbura ta riga tsira shiga. Geert Booij ya warware irin wannan da raba kumbura gida biyu. Akwai wadda mai magana ke zaɓa saboda ma'ana, kamar jam'in suna, akwai kuma wadda jimla ke ɗora wa kalma dole, kamar jam'in sifa a "sababbin huluna". Ta farkon ce ke iya zama tubalin tsira, ta biyun ba ta yi.

Gardamar ba ta suna ba ce kawai. Masu ra'ayin raba ginin kalma gida biyu suna ganin tsira tana faruwa ne a rumbun kalmomi kafin a gina jimla, kumbura kuma bayan an gina ta. Idan haka ne, bai kamata a sami "mazantaka" ba, kuma dole "-wa" ya zaɓi gida ɗaya. Joan Bybee, a littafinta na 1985, ta ɗauki abin a matsayin tsani mai hawa-hawa, inda kowane ɗafi ke da matakinsa gwargwadon yadda yake taɓa ma'anar saiwa da kuma yawan kalmomin da yake hawa. A kan wannan tsanin, "sabuwa" tana can ƙarshen kumbura, "magini" yana can ƙarshen tsira, "huluna" da "kamawa" da "ɗinki" kuma suna jere a tsakani. Misalan Hausa sun fi karkata ga wannan fahimtar, ko da yake masu adawa da ita suna da tambayar da har yanzu ke da nauyi: idan babu iyaka sam, me ya sa kumburar da jimla ke tilastawa, irin ta "sababbi" da "farare", ba ta zama tubalin sabuwar kalma?