Yadda Hukuncin Baya Yake Ɗaure Hannun Alƙali

Duk wanda ya taɓa zama a zauren babbar kotu a Najeriya ya ga lauya ya miƙe, ya ambaci sunan wata shari'a da aka yi shekaru da dama, ya faɗi shekararta da lambar kundi da shafi, sannan ya miƙa wa magatakarda kwafi domin a kai gaban alƙali. Abin da yake faɗa wa alƙalin shi ne, kotun da ke sama da kai ta riga ta amsa irin wannan tambaya, kuma amsarta ta hau kanka. Wannan ƙa'ida, wadda Najeriya ta gada daga tsarin shari'ar Ingila, ita ce ke sa mai ƙara a Gusau da mai ƙara a Fatakwal su sami hukunci iri ɗaya idan matsalarsu iri ɗaya ce. Mudun da aka auna wa wancan, da shi za a auna wa wannan.

Ƙa'idar tana bin matakan kotuna ne daga sama zuwa ƙasa. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke ya ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara da duk na ƙasa da ita. Abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke ya ɗaure manyan kotunan jihohi da na tarayya, su kuma hukuncinsu ya ɗaure kotunan majistare. Amma hukuncin babbar kotun Kano bai ɗaure babbar kotun Katsina ba, domin matsayinsu ɗaya ne. Alƙalin Katsina zai iya karanta shi, ya ɗauka idan hujjar ta gamsar da shi, ya ajiye idan ba ta gamsar ba.

Rikicin tsayar da ɗan takara ya nuna yadda abin yake aiki a zahiri. A 1983 wani ɗan jam'iyyar NPP mai suna Onuoha ya sami tikitin takarar sanata na yankin Owerri, daga baya jam'iyya ta soke zaɓen ta tsayar da wani. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da Onuoha da Okafor, kotun ta ce zaɓen wanda jam'iyya za ta tsayar harkar cikin gida ce ta jam'iyya, kotu ba ta da hurumin tilasta mata ɗan takara.

Shekara 20 bayan haka, irin wannan rikici ya tashi a Jigawa. Gabanin zaɓen 2003, wani kwamitin jam'iyyar ANPP ya gudanar da zaɓen fidda gwani na gwamna a Kano, aka bayyana Alhaji Bashir Dalhatu a matsayin wanda ya yi nasara. Jam'iyya ta ƙi amincewa, aka sake wani a Dutse, gwamna mai ci Saminu Turaki ya lashe. Dalhatu ya garzaya babbar kotun Abuja. An kawo wa alƙalin hukuncin 1983, amma ya ƙi bin sa, ya ba Dalhatu gaskiya, har ya yi kira ga Kotun Ƙoli ta sake duba matsayinta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncinsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushewar, ta kuma yi wa alƙalin faɗa mai zafi, ta bayyana abin da ya yi a matsayin rashin ɗa'a ga na gaba.

A lura cewa alƙalan Kotun Ƙoli ba su ce duk hukuncinsu ma'asumi ne ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne, alƙalin ƙasa ba shi da ikon zaɓen hukuncin da zai bi da wanda zai watsar. Da an bar wannan ƙofa a buɗe, da nasarar ƙara ta koma sa'ar alƙalin da aka kai wa fayil, kuma da mai kuɗi ya riƙa yawo kotu-kotu har ya sami wanda ra'ayinsa ya dace da buƙatarsa. Dalhatu kansa bai amfana da nasararsa ta farko ba, sai ɗawainiyar shari'a har hawa uku.

Sai dai ba kowace kalma a cikin tsohon hukunci ce take ɗaure alƙali ba. Abin da ke ɗaurewa shi ne ginshiƙin hukuncin, wato dalilin doka da aka gina sakamakon a kansa, bisa hujjojin da ke gaban kotu. Maganar da alƙali ya yi a gefe, kamar nasiha ko hasashen abin da zai faru da hujjojin sun bambanta, tana da daraja amma ba dole ba ce. Aikin lauyoyi a nan yake. Ɗaya yana cewa wannan shari'a da waccan duk ɗaya ne, ɗayan yana nuna bambancin da ya isa ya raba su.

An ga irin wannan bambanci a 2007. Majalisar Tarayya ta sa sashe na 34 a Dokar Zaɓe ta 2006, wanda ya ce jam'iyyar da ta miƙa sunan ɗan takara ga hukumar zaɓe, idan tana son sauya shi, sai ta kawo ƙwaƙƙwaran dalili wanda za a iya tantancewa. PDP ta cire Ifeanyi Araraume a Imo da Rotimi Amaechi a Ribas bayan sun ci zaɓen fidda gwani, ta ce kuskure aka yi wajen miƙa sunayensu. Lauyoyin da ke kare sauyin suka dogara da hukuncin Onuoha da na Dalhatu. Kotun Ƙoli ta ce waɗancan an yanke su ne lokacin da babu wannan sashe, yanzu kuwa doka ta gindaya sharaɗi, kuma duba ko an cika sharaɗin doka aikin kotu ne. A ranar 25 ga Oktoba 2007 ta bayyana Amaechi a matsayin gwamnan Ribas a madadin Celestine Omehia. Abin da ya sauya sakamakon shi ne dokar da majalisa ta rubuta tsakanin shari'ar Jigawa da ta Ribas.

Akwai wata hanyar kuma. Kotun Ƙoli tana iya janyewa daga hukuncinta na baya idan aka gamsar da ita cewa an yanke shi bisa kuskure ko yana jawo zalunci, amma ba kasafai take yin haka ba, kuma ita kaɗai ke da wannan iko a kan hukuncinta.

Inda tsarin yake samun tangarɗa shi ne idan rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara, misali na Kaduna da na Legas, suka fitar da hukunce-hukunce masu karo da juna a kan tambaya ɗaya. Kotu ɗaya ce a doka, amma alƙalin ƙasa sai ya ga hukunci biyu a gabansa, kowane ɓangare na riƙe da nasa, har sai Kotun Ƙoli ta raba gardama. An sha ganin haka a shari'o'in zaɓe, kuma yana rage wa jama'a yarda da kotu.

Don haka idan lauyanka ya ce akwai tsohon hukunci da ke goyon bayanka, tambaye shi abu uku: wace kotu ce ta yanke shi, shin hujjojin waccan shari'a sun yi daidai da naka, kuma an sauya doka ko an janye hukuncin tun bayan nan? Idan amsoshin ba su tsaya da ƙafafunsu ba, gara ka nemi sulhu tun kafin kuɗinka ya ƙare a hanyar kotu.