Hoto, kanu da maɓalli: yadda ake gane abin da ya ja mutum a talla

Tallar da ke bayyana a waya yawanci abu uku ne aka harhaɗa: hoto ko bidiyo da ke tsayar da yatsa, kanun da ke faɗin abin da ake sayarwa, da maɓallin da ke cewa ga abin da za ka yi. Mai talla yakan saki guda goma ko ashirin, bayan mako ya duba wadda ta fi samun dannawa, ya ce ya gano sirrin. A ganina bai gano komai ba tukuna. Ya san tallar da ta zo ta ɗaya, amma bai san ko hoton ne ya yi aikin, ko kanun, ko sa'a ce kawai ba. Sanin wannan sai an tsara gwajin tun kafin a kashe kwabo.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru a Amurka a Disambar 2007, lokacin da Barack Obama ke neman tikitin takarar shugaban ƙasa. Dan Siroker, wanda ya bar Google ya shiga tawagar yaƙin neman zaɓen, ya gwada shafin farko da mai ziyara ke gani, inda ake roƙonsa ya bar adireshin imel. Ya tanadi maɓalli huɗu: "Sign Up", "Sign Up Now", "Join Us Now" da "Learn More". Ukun farko na cewa yi rajista ko shigo cikinmu, na ƙarshe kuwa gayyata ce kawai ta neman ƙarin bayani. Ya kuma tanadi hotuna uku da bidiyo uku. Bai zaɓi haɗin da ya kwanta masa ba, sai ya haɗa kowane maɓalli da kowane hoto da bidiyo, aka sami shafi iri 24. Mutum 310,382 suka shigo, na'ura ta raba su ta hanyar ƙuri'a, kowane haɗi ya sami kusan 13,000. Shafin asali yana samun rajistar kashi 8.26 cikin ɗari. Wanda ya yi nasara, hoton Obama da iyalinsa tare da "Learn More", ya sami kashi 11.6. Ma'aikatan tawagar sun fi son ɗaya daga cikin bidiyon, amma babu bidiyon da ya kamo ko hoto ɗaya.

Abin lura a nan tsarin ne, fiye da sakamakon. Tunda kowane maɓalli ya zauna da kowane hoto, ana iya tattara duk shafukan da ke ɗauke da "Learn More" a auna su da sauran, kuma bambancin hoto ba zai gurɓata lissafin ba, domin kowane maɓalli ya sami rabonsa na hoto mai kyau da maras kyau daidai wa daida. Ta haka kowane maɓalli ya wuce ta idon mutum sama da 77,000, kowane hoto ko bidiyo sama da 51,000. Mutanen da aka auna maɓalli da su, su ne dai aka auna hoto da su, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Tsarin yana kuma tona wani abu da gwajin ɗai-ɗai ke ɓoyewa: wani kanun ba ya aiki sai da wani hoto. Kanun da ke ambaton farashi zai iya yin kyau kusa da hoton kayan, ya faɗi warwas kusa da hoton fuskar mutum.

Za a ce ai Facebook da Google suna yin wannan da kansu, ka zuba musu hotuna da kanu su cakuɗa. Suna cakuɗawa, amma burinsu daban ne. Na'urarsu tana neman sakamako mai arha yanzu-yanzu, don haka da zarar wata talla ta ɗan yi gaba a kwanakin farko sai ta karkata kuɗin gare ta, sauran su zauna da yunwa. Sannan tana kai kowace talla ga irin mutanen da take hasashen za su so ta. Mai sayar da atamfa a Kano da ya ga hoton amarya ya doke hoton atamfa a kan kanta, wataƙila 'yan mata aka nuna wa na farko, na biyu kuma 'yan kasuwa masu sari. Ya kwatanta jama'a biyu ne yana zaton hoto biyu ya kwatanta. Alamar gane hakan tana cikin rahoton: a duba sau nawa aka nuna kowace talla, da shekaru da jinsin waɗanda suka gani. In sun sha bamban, gwajin ya karkace. Kayan gwaji na musamman da Meta, mai Facebook, ke bayarwa suna raba jama'a da kuɗi daidai, kuma sun fi, duk da cewa ko a cikinsu na'urar na zaɓen wanda za ta nuna wa.

Sai maganar yawa, wadda ita ce ta fi cin masu ƙaramin jari. A ce talla ɗaya mutum 10 cikin 1,000 ke danna ta, ɗayar kuma 12. Kafin a amince cewa wannan bambanci na gaske ne, bisa ma'aunin da masana ƙididdiga suka saba, kowace talla na bukatar kusan mutum 43,000. Wanda ya yanke hukunci bayan mutum 2,000 yana kwatanta dannawa 20 da 24 ne, kuma irin wannan tazara takan juye gobe. Yawan tallace-tallace ma yana ƙara haɗarin. In aka gwada guda 20 da ta asali, alhali babu wadda ta fi ta, kuma kowane gwaji na da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, yiwuwar aƙalla ɗaya ta fito kamar gwarzuwa ta kai kusan kashi 64. Wannan ba dalilin barin gwaji ba ne. Mai ƙaramin kuɗi ya rage iri, ya faɗaɗa bambanci: hoto biyu da suka sha bamban sosai da kanu biyu, haɗi huɗu ke nan, kuma kowane hoto zai sami rabin jama'ar. Ya ƙayyade ranar tsayawa tun farko, ya bar gwajin ya cika mako guda aƙalla, domin mai duba waya ranar Juma'a da yamma ba shi ne na Litinin da safe ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne cewa gwaji yana koya wa mai talla farautar dannawa. Gaskiya ne, in dannawa aka auna. Kamfanin Upworthy ya yi gwajin kanu fiye da 32,000 tsakanin 2013 da 2015, sunansa kuma ya zama abin misali wajen kanun da ke ɓoye labari don a danna. Laifin yana ga ma'aunin. "Learn More" ya fi sauƙin dannawa tunda ba ya ɗora wa mutum alkawari, amma Siroker waɗanda suka bar imel ya ƙirga. Duk da haka, da ya kiyasta daga baya cewa canjin ya jawo ƙarin gudummawar dala miliyan 60, ya ɗauka ne cewa ƙarin mutanen za su bayar kamar sauran, abin da gwajin bai auna ba. Mai atamfar da maɓallinsa ke kai mutum WhatsApp yana fuskantar irin wannan giɓi: kanun "farashi ya faɗi" zai cika masa waya da "nawa ne?", kanun da ya rubuta farashin ƙarara zai kawo saƙo kaɗan daga waɗanda suka riga suka yarda da kuɗin. Sai ya ba kowace talla saƙon buɗewa nata daban, ya riƙa rubuta a littafin ciniki wace talla ce ta kawo wanda ya biya.