Madaki Auwa da 'Ya'yan Sarki Rumfa: Tace Nasaba Daga Tsoffin Takardu

A majalisun dattawanmu na Tudu da Nima da Mamobi, inda galibin gidajen Hausawa ke mai da salsalarsu zuwa Kano ko Katsina, akan ji an ambaci wata ruwaya mai daɗin ji, wai Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya auri 'yar Askiya Muhammadu na Sanwai, kuma ita ce Madaki Auwa, mahaifiyar sarakunan da suka gaje shi. Ruwayar ta shiga littattafai har ta zama tamkar abin da aka yi ijma'i a kansa, alhali kuwa wanda ya zauna da takardun asali, ya auna su da ma'aunin shekaru, zai ga cewa labari biyu ne mabambanta aka ɗinke wuri guda.

Madogara ta farko ita ce littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908. Al'adar marubucinsa ita ce ya ambaci sarki, da ubansa, da sunan uwarsa, sannan ya rufe da adadin shekarun sarautarsa. Bai ba da shekarar Hijira ga sarakunan farko ba, saboda haka shekarun Miladiyya da muke gani a littattafan makaranta Palmer ne ya fitar da su, ta hanyar ƙirga baya daga zamanin Jihadi. Wannan ne dalilin da ya sa shekara 58 da littafin ya ba Muhammadu Kisoki ta koma 1509 zuwa 1565, wato 56, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya.

Littafin ya ce Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara kulle, kuma ya tara mata dubu. Mai ilmin fiƙihu ya san aure ba ya wuce huɗu, don haka mafi yawan waɗannan ƙwaraƙwarai ne, kuma ɗan sa-ɗaka a shari'a ɗa ne cikakke, nasabarsa da gadonsa daidai da na ɗan matar aure. A gida irin wannan sunan uba ba ya bambanta kowa da kowa, tun da 'yan sarki duka ubansu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne ɗaki, wato wane ne shaƙiƙin wane, kuma wane ne li'abi. Daga cikin wannan taro duka, mace ɗaya ce 'ya'yanta suka hau gado, ita ce Auwa, wadda ta haifi Abdullahi, magajin Rumfa, ta kuma haifi Abubakar Kado. Littafin ya shaida ƙarfinta, domin sa'ad da Abdullahi ya tafi yaƙi Katsina da Zazzau, wani da ake kira Dagaci ya shirya tawaye a birni, ita ce ta tare fitinar. A zamanin jikanta Kisoki kuwa an ambace ta cikin masu riƙe da gari, tare da Iya Lamis uwar sarki, da wani Guli wanda aka ce ɗan'uwan Auwa ne. Duk da haka littafin bai ambaci mahaifinta ba, bai kuma danganta ta da Sanwai ba.

Madogara ta biyu ita ce littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya kammala a 1526 aka buga a Venice a 1550. Shi ne ya ce Askiya ya kewaye Kano da yaƙi, ya tilasta wa sarkinta ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ya kuma ɗora masa biyan sulusin kuɗin shigarsa. Bai faɗi sunan sarkin ba, bai faɗi sunan 'yar ba. Waɗanda suka zo daga baya sai suka ga sarauniya mai suna ba uba a wannan littafi, ga kuma 'yar sarki mai uba ba suna a wancan, suka ɗaura musu aure a kan takarda.

To, sai mu yi lissafi. Kisoki ya hau gado a 1509, kuma ko da mun ƙaddara shekararsa 15 kacal a lokacin, haihuwarsa ta faɗo wajen 1494. Ubansa Abdullahi, in ya haife shi yana ɗan shekara 18, to an haifi Abdullahi wajen 1476, wanda ke nufin Auwa tana ɗakin Rumfa tun 1475 ko kafin haka. Askiya kuwa bai karɓi mulkin Sanwai ba sai 1493, kuma Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya sanya yaƙinsa da Katsina wajen 1513, shekara 14 bayan rasuwar Rumfa. Idan har auren da Hasan al-Wazzan ya ambata ya auku, to sarkin da ke kan gado a lokacin Kisoki ne, kuma amaryar matar jikan Auwa ce. Akwai ma masana, kamar Humphrey Fisher, da suka yi shakkar cin Kanon gaba ɗaya, saboda tarihan Tambutu ba su ambace shi ba.

Wannan ma'auni shi ne za mu ɗora wa rikicin gado na 1565. Da Kisoki ya rasu aka naɗa ɗansa Yakufu, amma bayan wata huɗu da 'yan kwanaki Guli ya tuɓe shi, yaƙi ya ɓarke tsakanin Guli da Galadima, aka kashe Guli. Yakufu ya ƙi komawa gado, aka naɗa ɗansa Dauda Abasama, shi ma bai cika wata biyu ba aka fitar da shi, sarauta ta faɗa hannun Abubakar Kado har 1573. Wanda ya bi sunayen iyaye mata zai gane manufar rikicin nan take, domin Guli kawun Abubakar Kado ne, kuma tuɓe zuriyar Kisoki na nufin mai da sarauta ga ɗan 'yar'uwarsa kai tsaye.

Sai dai shekarun suna neman a tsaya a kansu. Abubakar Kado, in ɗan Rumfa ne na cikinsa, bai gaza shekara 65 ba ranar naɗinsa, kuma wannan abu ne mai yiwuwa, ya ma dace da siffar da littafin ya ba shi ta sarkin da ya duƙufa ga ibada da karatu, ya bar Katsinawa suna kai hari har ƙofar gari. Guli ne mai wahala, domin Auwa ba za a haife ta bayan kimanin 1460 ba, kuma ko da ƙaninta ne da shekara ashirin, zai kasance yana jan yaƙi yana da shekara 85. Mafita ɗaya ce daga cikin biyu: ko dai 'yan'uwantakar ta dangi ce mai faɗi, kamar yadda muke kiran ɗan baffa ko jikan kawu ɗan'uwa, ko kuwa shekarun Kisoki 58 sun haɗiye wani lokaci da bai kai haka ba.

Tarjihin da hujja ta bayar ke nan, daraja uku. Kasancewar Auwa matar Rumfa kuma uwar sarakuna biyu ya tabbata da nassin littafi, lissafi bai rushe shi ba. Dangantakar Guli da ita ta zo a nassi, amma matsayinta yana buƙatar tawili. Kasancewarta 'yar Askiya da aka aurar bayan yaƙi kuwa ba shi da nassi, shekaru kuma sun kore shi. Duk mai riƙe da takardar salsalar gidansu a zango, ya kamata ya rubuta sunan uwa kusa da kowane ɗa, ya ƙiyasta shekarar haihuwa ga kowane suna, ya kuma ware abin da takarda ta faɗa daga abin da masu karatu suka cike da zato. Allah shi ne mafi sani.