Daga majema zuwa ofis: abin da ke sa kayan fata su karɓu ko a dawo da su

Wanda ya shiga layin dukawa a Kasuwar Kurmi ta Kano ba ya sayen jaka da ido kaɗai. Zai ɗauka ya juya, ya shinshina, ya ja ɗinkin, sannan a fara ciniki. Haka aka saba tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda aka kafa kasuwar a lokacinsa, a ƙarni na 15. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ratsa Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

Yau baduku ya sami wasu masu saye. Akwai ofishin da ke son jakunkuna hamsin don rabawa a taro, akwai baƙon da zai tafi da tsaraba, akwai kuma mai ganin hoto a waya ya turo kuɗi. Na ofis da na waya ba su taɓa kayan ba kafin su biya, don haka duk aibin da ke jikin fata sai bayan ta isa hannunsu yake bayyana. Ƙorafin nasu kusan guda huɗu ne: wari, fumfuna, zubar launi da rashin daidaito. Kowanne yana da dalili, kuma yawanci tun a majema ake shuka shi.

Majemi yana fara jiƙa fata ta yi laushi, sannan ya tsoma ta a ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, ya kankare da kartaji. Daga nan sai a sa ta a ruwan kashin tantabara ko na kaji, wanda ke sassauta ta, ya kuma rage ƙarfin tokar. Bayan an wanke, sai a kai ta ruwan bagaruwa da aka daka, a riƙa cuɗawa ana sabunta ruwan har ya ratsa ta. A ƙarshe a shafa man gyaɗa, a shanya, a miƙar.

Wari yana fitowa ne daga wurare biyu. Ko ba a wanke fatar sosai ba bayan ruwan kashin tsuntsaye, ko kuma an tsamo ta daga bagaruwa tun tsakiyarta na ɗanye. Gane na biyun ba wuya. A yanki ɗan gefe daga wajen wuya, inda ta fi kauri, a dubi bakin yankan. Idan launin ƙasa-ƙasa ya game daga sama har ƙasa, ta jemu. Idan akwai farin zare a tsakiya, ba ta nuna ba, kuma da zarar ta ji danshi za ta fara ɗoyi, in ta bushe ta ƙandare. Turare ba ya maganin wannan, domin cikin akwatin da aka rufe kwana goma ƙamshin zai gudu, ɗoyin ya zauna.

Fumfuna kuwa ta fi yawa da damina. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan danshi, man gyaɗar da ke jikinta kuma abinci ne ga fumfuna. Baduku ya gama jaka, ya cusa ta a leda ya ɗaure don kada ta yi ƙura, sai ta isa Legas ko Fatakwal da farin gari a jiki. Abin yi shi ne a bar kaya su sha iska a inuwa har su bushe sarai, a naɗe su da takarda ko yadi, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake gani cikin kwalin takalmi.

Launi ma yana da nasa sirrin. Jan gargajiya daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko, wato ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki. Ƙarfe da bagaruwa in sun haɗu baƙi suke bayarwa, shi ya sa zoben baƙin ƙarfe ko ƙusa ke barin tabo a jikin farar fata idan ta jiƙe. Jakar da za a daɗe ana amfani da ita zoben tagulla ya fi dacewa da ita. Garin rini na kanti, wanda ya yawaita yanzu, yana da haske amma yakan zuba in ba a ɗauraye shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa farin ƙyalle a goga a jikin fatar. In ya ɗebo launi, haka zai yi wa farar shaddar mai saye.

Mu ɗauki misalin ofishin da ya ce a yi masa jakar takardu hamsin. Abu na farko, jakar ta ɗauki takardar A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon kusan 30, har da ragowar wuri. Don haka baduku ya yanka ma'auni na kwali, kowace jaka a fitar da ita a kansa, kada a dogara da kamun hannu. A ɗauka kowace jaka za ta ci fatar akuya uku, ke nan fata 150. Mai lura zai ƙara kamar ashirin, domin a ciki sai an sami mai hujin wuƙar fiɗa, da mai tabon ƙazuwa, da wadda gefen cikinta ya yi sirara. Dukkansu a rina su a rana ɗaya cikin haɗi ɗaya, in ba haka ba ja ya fito iri uku.

Kafin a yanka sauran, a ɗinka guda ɗaya a kai wa ofishin. In sun amince, a rubuta girma da launi da inda tambarinsu zai zauna, da ranar kai kaya, a kuma karɓi kafin alƙalami da zai sayi fata. Lissafin lokaci ma a yi shi da gaskiya. Idan mutum ɗaya yana gama jaka ɗaya a kwana biyu, mutum biyar za su buƙaci kwana ashirin, ban da kwanakin rini da shanya. Wanda ya yi alkawarin mako ɗaya zai ƙare da raba aikin ga hannaye barkatai, ɗinki ya bambanta, ofis ya ce ba abin da ya gani ba ke nan.

Mai sayarwa ta waya kuma hotonsa ne rumfarsa. Ya ɗauki hoto da hasken rana a inuwa, ba tare da ƙara wa launi armashi ba, ya ajiye abin awo kusa da kayan, ya nuna ciki da ɗinki da bayan fatar. Bayan fatar gaske gashi-gashi ne, na roba kuwa yadi ne aka manna. Ya kuma faɗi irin jimar. Ta bagaruwa tana ƙara duhu da sheƙi in ta daɗe, ta masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa kuwa yawanci da sinadarin kurom ake yinta, ta fi jure ruwa, kuma bakin yankanta kan yi shuɗi-shuɗi. Mai saye da aka gaya wa wannan tun farko ba zai ɗauki sauyin launi a matsayin cuta ba.

Kira ga dukawa shi ne su duba fata tun a gaban majemi, kafin basilla ta taɓa ta. Masu saye kuma su nemi samfuri, su yi gwajin farin ƙyalle, su ba da isasshen lokaci. Fatar da ta sha bagaruwa yadda ya kamata takan yi shekaru a hannun mai ita, kuma shi ne zai turo wa baduku mai saye na gaba.