Sakan Biyar: Me Ake Sayarwa a Shafin Nan?

Wanda ya buɗe shafin farko na wani kamfani a wayarsa ba ya zama ya yi karatu. Yana tsaye a bakin titi ko yana cikin adaidaita sahu, datarsa tana tafiya, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: mutanen nan suna da abin da nake nema? Idan allon bai amsa masa ba nan take, sai ya koma baya ya taɓa na gaba. A 2006 Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta ƙasar Kanada suka nuna cewa ido yana yanke hukunci kan kyan shafi ko muninsa cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan guda. Wannan hukuncin kallo ne kawai. Fahimtar abin da ake sayarwa tana ɗaukar 'yan sakanni a bayansa, kuma a nan ne shafukan 'yan kasuwarmu da yawa suke faɗuwa.

Mu ɗauki wani mai harkar sola a Kano, ba sai an kama suna ba, don irinsa suna da yawa. Yana sayar da fanel da batir da inbata, yana kuma zuwa gida ko shago ya haɗa. Shafinsa idan ya buɗe, tambarin kamfani ne ya cinye kusan rabin allon waya. A ƙasansa an rubuta "Barka da zuwa", sannan "Inganci da amana su ne takenmu". Sai hotuna biyar masu juyawa da kansu: rana tana faɗuwa, wasu Turawa suna musabaha, ginin ofis. Kalmar sola ba ta bayyana sai an ja shafin ƙasa sau uku.

Babu ƙarya a abin da ya rubuta. Matsalar ita ce mai sayar da siminti da mai makarantar kuɗi da mai ɗakin shan magani duk za su iya ɗaukar wannan take su liƙa a nasu shafin ba tare da sun canza harafi ba. Ga ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani: rufe sunan kamfanin da yatsa, ka karanta abin da ya rage. In bai faɗa maka sana'ar ba, to kanun bai yi aikinsa ba. A Kantin Kwari ba ka tambayar ko nan ake sayar da shadda, domin ga ta nan a jere tun daga bakin ƙofa, kuma haka ya kamata saman shafi ya kasance.

Gyaran yana farawa da jimla ɗaya mai ɗauke da abu uku: me ake sayarwa, wa ake sayar wa, a ina. Mai solar nan sai ya rubuta da manyan haruffa: "Muna haɗa sola a gidaje da shaguna a Kano". Kalma tara ce, kuma ta riga ta sallami wanda ke Legas, ta riƙe wanda ke Hotoro. Kada a ji tsoron wannan sallamar. Wanda ba za ka iya kai masa kaya ba, zamansa a shafinka bai ƙara maka komai.

Layi na biyu, da ƙananan haruffa, shi ne wurin magana da harshen mai saye. Ma'aikacin sola yana tunani da lambobin ƙarfin inbata da girman batir, amma uwargidan da ke neman sauƙin zafi a watan Afrilu tambayarta ita ce: zai ɗauki firji? Saboda haka a rubuta cewa akwai haɗin da zai ɗauki fitilu da fanka da talabijin, akwai kuma babba mai ɗaukar firji da firiza. Lambobin suna da wurinsu a shafin ciki. In ana iya sabunta farashi a kan kari, a sa mafi ƙarancinsa a nan, domin mutane da yawa kunyar tambaya ce ke mayar da su. In kuwa ba za a riƙa sabuntawa ba, gara a bar shi, tsohon farashi rigima yake haifarwa.

Wannan jimla ta kanu a rubuta ta da haruffa na gaske, kada a zana ta a cikin hoto. Rubutu yana fitowa tun kafin hoto ya sauka, kuma shi Google ke karantawa ya nuna wa masu bincike. Wanda ya gina maka shafin ya san wurare biyun da za ta shiga:

```
<title>Haɗa sola a gidaje da shaguna a Kano</title>
<h1>Muna haɗa sola a gidaje da shaguna a Kano</h1>
```

Sai hoto. Guda ɗaya ya isa, kuma ya zama na aikin da ka yi da hannunka: fanel a kan rufin kwano, ko batir da inbata a jikin bango, wayoyi a tsare. Hotuna masu juyawa kuwa a cire su. A 2013 Erik Runyon ya fitar da ƙididdigar shafin Jami'ar Notre Dame ta Amurka, inda aka ga kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke taɓa irin waɗannan hotuna, kuma fiye da kashi 80 na masu taɓawar na farkon suke taɓawa.

Nauyin hoton ma abin dubawa ne, kuma a wurinmu ya fi komai cizo. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 4. Idan sabis ya yi rauni har yana sauke megabit ɗaya a sakan, wannan hoto zai ci sakan 32 kafin ya gama fitowa. In aka rage shi zuwa kilobait 150, sakan ɗaya da 'yan kai ya ishe shi, kuma a allon waya da wuya ido ya ga bambanci. Google ya bayyana a 2016 cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya suna barin shafin da ya wuce sakan uku bai buɗe ba. Akwai ma'auni na kyauta, PageSpeed Insights, da za ka sa adireshin shafinka ya nuna maka abin da ke jan ƙafa.

Abu na ƙarshe a wannan allo na farko shi ne maɓalli ɗaya mai launi daban, wanda ya faɗi abin da zai faru in an taɓa shi. "Tambayi farashi ta WhatsApp" ya fi "Danna nan" nesa ba kusa ba. Tarihin kamfani da hoton shugaba da takardar rajista duk su sauka ƙasa, mai buƙatarsu zai same su.

Mai shafi ba zai iya auna shafinsa da kansa ba, don ya riga ya san amsar. Masu wannan sana'a suna yin abin da suke kira gwajin sakan biyar, kuma ba ya cin ko kwabo. Nemi mutum biyar da ba su san kasuwancinka ba, ban da ma'aikatanka da 'yan gidanku. Miƙa wa kowa wayar shi kaɗai, ka ƙirga biyar, ka karɓe. Tambaye shi me ake sayarwa, a wane gari, kuma me zai taɓa in yana so. Kada ka tambaye shi ko shafin ya yi kyau, domin kara za ta sa ya ce ya yi.

Amsoshin su ne ke nuna wurin gyara. Wanda ya ce "kamar kayan lantarki ne", kanun ne bai fito fili ba. Wanda sunan kamfani kawai ya riƙe, tambarin ya yi girma. Wanda ya ce ana sayar da sola amma bai san ana zuwa a haɗa ba, hoton kaya a shago aka nuna masa, sai a canza da na ma'aikaci a kan rufi. In mutum biyu cikin biyar suka kuskure abu iri ɗaya, a gyara wannan abin shi kaɗai, sannan a sake gwadawa da wasu mutum biyar dabam, a kan ƙaramar waya da datar layi, ba da intanet ɗin ofis ba.