Me ya sa takardar lamuni ke araha idan ruwa ya tashi?

Ɗauki takardar lamunin gwamnatin tarayya ta naira 1,000, mai biyan naira 100 duk shekara, saura shekara biyu a mayar da uwar kuɗi. Idan ribar da kasuwa ke nema har ƙarshen wa'adi kashi 10 ce cikin ɗari, farashinta naira 1,000 ne cif.

To, sai ribar ta koma kashi 20. A raba 100 na shekarar farko da 1.2, a samu 83.33. A raba 1,100 na shekara ta biyu da 1.44, wato 1.2 sau 1.2, a samu 763.89. Jimilla naira 847.22.

Dalilin faɗuwar a fili yake: abin da takardar ke biya ba ya canzawa. Mai saye kuwa ba zai karɓi kashi 10 ba alhali sababbin takardu na ba da 20, sai an rage masa farashi. Takarda mai dogon wa'adi ta fi shan wannan bugu.