Me Ya Sa Wayarka Ta Ƙi Karɓar Sabon Memori?

Mutum zai sayi katin memori mai 128GB, ya sa a tsohuwar waya, ta ƙi ganinsa. Sau da yawa katin lafiyarsa lau, wayar ce ke da iyaka. Katin microSDHC yana tsayawa ne a 32GB, shi kuwa microSDXC yana kaiwa har 2TB, kuma tsarin ajiyarsa exFAT ne. Wayar da aka ƙera don SDHC kaɗai ba ta fahimtar wannan tsari, don haka ka duba iyakar da kamfanin ya rubuta a kwali kafin ka biya kuɗi.

Ka duba ramin katin ma. A wayoyi da dama gurbi ɗaya ne na memori da layi na biyu, dole ka zaɓi ɗaya.

Sai batun sauri. Alamar C10 ko U1 tana nufin katin yana rubuta aƙalla 10MB a daƙiƙa, wanda ya ishi hotuna da waƙoƙi. Bidiyon 4K kuwa ya fi son U3 ko V30, wato 30MB. Idan katin ya gaza haka, ɗaukar bidiyo takan tsinke ko hoton ya riƙa sarƙewa.